Fat, wuf da zirga-zirga: ina mazaunin amsa-kama a nahawun Hausa?

*Malam, ina rubuta kundin kammala digiri a kan nahawun Hausa. Da na zo kan kalmomi irin su fat, wur, cak da tsundum sai aiki ya tsaya mini. Mai duba aikina ya ce in zuba su duka ƙarƙashin bayanau, wani littafi kuma ya ware musu aji nasu, amsa-kama. Wanne zan bi? Kuma da gaske ne sautinsu ne yake nuna ma'anarsu?*

Malama, kada ki bi ko ɗaya kai tsaye, domin kowannensu ya riƙe rabin gaskiya ne. Sunan amsa-kama yana gaya miki yadda kalma take a baki da kuma yadda take isar da ma'anarta. Bayanau kuwa, da suna da sifa da aikatau, suna gaya miki gurbin da kalma take zama a cikin jimla. Ma'auni biyu ne daban, kuma kalma ɗaya tana iya hawa duka biyun a lokaci guda. *Cak* amsa-kama ce, kuma bayanau ce. *Shirgege* yana da jinin amsa-kama, amma sifa ce cikakkiya. Rikicin yana tasowa ne idan aka jera amsa-kama a layi ɗaya da suna da aikatau, kamar dai tambaya ɗaya suke amsawa.

Wannan gardama ta girme mu duka. Clement Doke, wanda ya yi aiki a kan Zulu da sauran harsunan Bantu, shi ne ya yaɗa ra'ayin ware musu aji a 1935, kuma a Zulu yana da hujja. A can irin waɗannan kalmomi galibi suna biyo bayan aikatau guda, *-thi*, mai ma'anar "ce", saboda haka gurbinsu ɗaya ne kuma a fili yake. A 1968 Paul Newman ya duba Hausa ya ga abin bai zauna haka ba. Ya nuna cewa kalmomin da ake kira amsa-kama sun warwatsu a gurabe daban-daban na jimla, don haka a wajen ginin jimla ba su zama aji ɗaya ba, abin da ya haɗa su shi ne sauti da ma'ana. Ni a nan nake, sai dai da ɗan gyara da zan zo kansa. Ki nemi maƙalar Farfesa M. K. M. Galadanci ta 1971 a kan amsa-kama a mujallar Harsunan Nijeriya, ki karanta ta tare da ta Newman.

Mu fara da sauti, tunda ta nan kunne yake fara gane su. Kalmomin Hausa na asali kusan duk da wasali suke ƙarewa: *gida, ruwa, tafi, babba*. Amsa-kama kuwa ba ta jin nauyin ƙarewa da baƙi, har da baƙaƙen da Hausa ta daɗe da korarsu daga ƙarshen gaɓa. August Klingenheben ya bayyana wannan kora wajen 1928. A tarihin harshen, /k/ da ke rufe gaɓa ta koma /u/, shi ya sa muke da *talaka* amma *talauci*. Haka /t/ ta koma /r/, shi ya sa Bakano yake cewa *biyar* inda Basakkwace yake cewa *biyat*. Baƙaƙen leɓe ma sun koma /u/ a Hausar gabas: *sabka* ta zama *sauka*, *abduga* ta zama *auduga*. To ki lura da wannan. Bakanon da ya mayar da *biyat* ta zama *biyar* bai taɓa mayar da *fat* ta zama "far" ba, bai kuma mayar da *tak* ta zama "tau" ba. Dokar ta ratsa harshe, ta bar waɗannan a tsaye. Idan kina neman hujja guda mai ƙarfi cewa suna buƙatar bayani na musamman a babin tsarin sauti, ga ta nan.

Akwai wasu alamu biyu da suke tafiya da wannan. Ta farko, wasulan kalmar sukan zama iri ɗaya: *ƙirin, wuluk, tukuf, sharkaf, tiɓis, ƙurmus, farat*. Ba doka ba ce, don ga *maƙil* da *ƙiƙam*, amma yawan ya wuce a ce dace ne. Ta biyu kuma karin sauti ne. Kalmar Hausa ta asali ba ta cika ƙarewa da karin ƙasa biyu a jere ba idan wasalin ƙarshe dogo ne, har William Leben ya kafa doka a kan haka a 1971. Amma ki furta *sororo* a "ya yi sororo", ko *sheƙeƙe* a "ya dube ni sheƙeƙe", ko *tsololo*. Ƙasa suke daga farko har ƙarshe, da dogon wasali. Sannan ki saurari muryarki a "motar da ta ɗauko mu daga Zariya ta tsaya cak". A jimlar Hausa murya tana gangarowa ne sannu a hankali, kowane karin sama da ya biyo bayan na ƙasa yana ɗan sauka. Da aka iso *cak* sai ta yi tsalle ta koma sama, sau da yawa bayan ɗan taƙaitaccen dakatawa. Sa *jiya* ko *yanzu* a wannan gurbi, ba za ki ji tsallen ba.

Sai dai kada zumuɗi ya kai ki ga rubuta cewa amsa-kama ba ta bin dokar Hausa. Tana bi fiye da yadda take karyawa. Da wuya ta shigo da baƙi ko wasalin da babu shi a harshen, gaɓoɓinta kuma irin na kowa ne, baƙi da wasali, ko baƙi da dogon wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Ba za ki samu wadda ta fara da baƙaƙe biyu cunkushe ba. Kuma ƙarewa da baƙi ita kaɗai ba ta isa shaida ba, don *takwas, mutum, kullum, sayar* da kalmomin aro irin su *ofis* da *tebur* duk da baƙi suka ƙare, alhali *ratata* da *ƙalau* ba su ƙare da shi ba. Alamu ake tarawa, ba a dogara da ɗaya.

Yanzu ga inda aikinki yake, wato jimla. Na tsara wannan ɗan labari don mu gwada a kansa:

"Tulun ya cika fal, yaron ya yi wuf ya ɗauka. Bai yi taku uku ba santsi ya kwashe shi, tim! Zirga-zirgar mutane ta tsaya cak. Wani shirgegen mutum ya zo ya ɗaga shi, rigarsa fara fat ta yi faca-faca da laka."

Duk Bahaushen da ya ji wannan zai tsamo miki *fal, wuf, tim, cak, fat, faca-faca*, wataƙila ya ƙara da *zirga-zirga* da *shirgege*, ya ce dangi ɗaya ne. Mu tambayi kowacce abu huɗu: me take bi, tana iya matsawa daga wurinta, tana karɓar -n ko -r ta mallaka, kuma tana sauya kama saboda jinsi ko jam'i?

*Cak* da *fal* su ne suka fi ba mai duba aikinki gaskiya. Suna zuwa bayan aikatau, idan akwai karɓau su biyo bayansa: "ya cika tulun fal", "ya tsayar da motar cak". Ana iya ciro su a kai farkon jimla don ƙarfafawa, kuma lamirin yana sauyawa kamar yadda yake yi wa kowane bayanau da aka gabatar: "sun tsaya cak" ta koma "cak suka tsaya", daidai da "sun zo jiya" da "jiya suka zo". Ba su da jinsi, ba su da jam'i, ba su karɓar -n. Bayanau ne, babu musu. Amma bayanau ne masu zaɓen abokin zama. *Sosai* tana tafiya da kusan kowane aikatau, ya gaji sosai, ya cika sosai, ya ƙone sosai. *Cak* kuwa tsayawa take nema, ko ɗaukar abu gaba ɗaya, "ya ɗauke shi cak". Gajiya tana da *tiɓis* da *liƙis*, ƙonewa tana da *ƙurmus*, jiƙewa tana da *sharkaf*, ƙarewa tana da *kaf* da *ƙarƙaf*. Wanda ya ce "ya gaji ƙurmus" ko dai baƙo ne ko yana raha. Ba a kuma ƙara musu wani mai ƙarfafawa, ba a cewa "ya tsaya cak ƙwarai", domin *cak* ta riga ta kai maƙura. Waɗannan abubuwa biyu, zaɓen abokin zama da ƙin ƙari, su za ki rubuta a matsayin abin da ya raba wannan reshe da sauran bayanau.

*Fat* ta fita daban. Ba aikatau take bi ba, sifa take bi, kuma ba ta rabuwa da ita ta tafi yawo. Ba za ki ce "fat rigar fara ce" ba. Tana da 'yan'uwa da yawa: *baƙi ƙirin, baƙi wuluk, ja wur, kore shar, sabo dal, sabo fil, tsoho tukuf*. Wasu kuma adadi suke bi, *ɗaya tak, goma cif*, wasu sunan yanayi, *sanyi ƙalau, zafi zau*. Sifar tana sauyawa, ita kuwa tana nan yadda take: *fari fat, fara fat, farare fat*, ko da yake wasu sukan ninka ta a jam'i su ce *farare fat-fat*. Wurin da ya fi koyarwa shi ne idan sifa ta gabaci suna. Muna cewa "mota sabuwa dal", muna kuma cewa "sabuwar mota dal". Ki ga yadda *dal* ta haƙura ta koma bayan sunan. Dalili shi ne -r ta mallaka dole ta manne wa sifa, *dal* kuwa ba ta iya ɗaukarta, ba ta kuma iya shiga tsakanin sifa da suna. Idan kika kira wannan bayanau kamar *cak*, to sai ki bayyana dalilin da ya sa ɗaya take zuwa farkon jimla ɗaya ba ta zuwa. Gara ki ba ta ƙaramin kanu nata, mai ƙarfafa sifa da adadi, ki tattauna ta a babin yankin suna.

*Wuf* da *faca-faca* a labarin namu sun biyo bayan *yi* ne. A ido gurbin suna ne, don *yi wuf* ta yi kama da *yi sauri*, kuma nan ne ɗalibai da yawa suke yanke hukunci da wuri su ce suna ce. Gwada ta tukuna. *Sauri* yana da jinsi, ana cewa "saurinsa ya yi yawa". *Shiru* ma haka, "shirun nan nasa ya dame ni". Amma da wuya ki ji an ɗauki *tsit* ko *jugum* ko *wuf* an sa su aikau a jimla, an ba su jinsi. Ke nan *shiru* ta gama shiga cikin sunaye, *tsit* kuwa tana bakin ƙofa, ba ta da gurbin suna sai bayan *yi*. Wannan *yi* ita ce ƙofar da Hausa take shigo da kusan kowace amsa-kama cikin jimla idan babu aikatau da ya dace da ita, kusan aikin da *-thi* take yi a Zulu. Kuma ƙofar a buɗe take har gobe. Dubi yadda matasa suka ɗauki "yi wuf da" suka mayar da ita maganar aure, "ta yi wuf da shi", ba tare da sun taɓa ginin jimlar ba.

*Zirga-zirga* kuwa suna ce ba tare da wani sharaɗi ba. A labarin ita ce aikau, mace ce shi ya sa aka ce "ta tsaya", ta kuma ɗauki -r. Haka *hada-hadar kasuwa* da *cuku-cukun aiki*. A nan akwai wani abu da rubutunmu na yau da kullum yake ɓoyewa, tunda ba ma sa alamar karin sauti. Furta *faca-faca, kaca-kaca, tsamo-tsamo, wuƙi-wuƙi, buzu-buzu*. Rabin farko sama yake, na biyu ƙasa. Yanzu furta *zirga-zirga, hada-hada, cuku-cuku, mutsu-mutsu, kici-kici*. An juya, rabin farko ƙasa, na biyu sama. Rukunin farko yana siffanta kama ko halin da abu yake ciki, na biyu kuma sunan wani motsi ne ko kai-da-kawo, har wasunsu suna da tagwaye masu ɗafa-ƙeyar -niya: *kici-kici* da *kiciniya*, *haya-haya* da *hayaniya*. Ƙira ɗaya, ninki ɗaya, karin sauti ne kawai ya raba musu aji. Duk wanda ya ce amsa-kama tana wajen nahawu, wannan misali ya ishe shi amsa. Kuma darasi ne gare ki: idan ba ki sa alamar kari da tsawon wasali a misalan kundinki ba, wannan bambanci zai ɓace, ki haɗa abin da harshe ya raba.

*Shirgege* sifa ce da ta cika kowane sharaɗi. Tana da namiji da mace da jam'i, *shirgege, shirgegiya, shirga-shirga*, tana gabatar suna da -n ko -r, tana kuma iya bin bayansa. Ƙirar tana da 'ya'ya da yawa: *firɗeɗen doki, zungureriyar sanda, santala-santalan 'yan mata, makeken fili, tafkeken gida*. Jam'insu yana da karin nan na sama-sama, ƙasa-ƙasa irin na *faca-faca*, wanda ya nuna dangantakar. Me ya sa za a kira su amsa-kama, tunda sun bi dokar sifa kaf? Saboda yadda suke isar da ma'ana. *Babba* tana faɗa miki girma ne kawai. *Zungurere* yana nuna miki tsawo marar kauri, *makeke* faɗi, *shirgege* jiki da nauyi. Kuma ba a faɗarsu da sanyin murya.

Aikatau ma yana da rabonsa, ko da yake bai fito a labarin ba. Daga tushen *tsundum* akwai *tsunduma*, wanda yake shiga giredin aikatau kamar kowa: ya tsunduma cikin ruwa, ya tsunduma guga a rijiya, ya tsundumo. Kusa da *ƙurmus* akwai *ƙurmushe*, inda /s/ ta koma /sh/ a gaban /e/ kamar yadda ta saba a ko'ina cikin harshen. Wanne ya haifi wanne? A *ruf* da *rufe* ana iya cewa aikatau ne ya riga, a *tsundum* kuma kunne yana cewa ƙarar ruwan ce ta riga. Kada ki ɗora doka ɗaya a kansu duka, ki nuna dangantakar ki wuce.

Saura *tim*, kuma ita ce gyaran da na ce zan yi. A labarin ba ta bi aikatau ba, ba ta bi sifa ba, ba ta bi *yi* ba. Santsi ya kwashe shi, sai mai magana ya dakata, ya aikata faɗuwar da bakinsa. Haka "sai tsundum cikin ruwa", jimla ce cikakkiya babu aikatau a cikinta. A irin wannan wuri kalmar ba bayani take yi ba, nunawa take yi, kuma sau da yawa hannu yana rakiyarta. Mark Dingemanse, wanda ya yi nazarin harshen Siwu na ƙasar Gana, a kan wannan ya gina ma'anar da ya ba amsa-kama: kalmomi ne fitattu da suke zana abin da gaɓoɓin ji suka riska. Abin da na lura da shi a Hausa ya dace da abin da aka gani a wasu harsuna, wato gwargwadon yadda kalma ta nutse cikin ginin jimla, gwargwadon yadda take rasa wannan wasan murya. Ana iya jan *tim* ko a buga ta da ƙarfi yadda aka ga dama. *Zirga-zirga* kuwa mai karanta labarai a rediyo yana faɗarta ba tare da ya ɗaga gira ba, har ma da yawa ba su jin ta a matsayin amsa-kama. Saboda haka rarraba su cikin azuzuwa bai gama aikin ba. Nahawunki yana buƙatar wuri guda da zai nuna wannan jeri, daga wadda take tsaye ita kaɗai zuwa wadda ta zama suna sosai.

Korewa tana taimakawa wajen auna wannan nutsewa, kuma gwaji ne mai sauƙi. "Tulun bai cika fal ba" lafiya lau take, haka "ba fari fat ba ne". Amma "bai faɗi tim ba" ko "bai tashi farat ba" suna neman dalili, sai dai idan wani ya riga ya faɗa kina ƙaryata shi. Da wuya mutum ya zana abin da bai faru ba. A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda korewa ko ƙi suke nema, irin su *sam* da *ƙememe* a "ya ƙi ƙememe". Don haka kada ki kwafi maganar da ake yawan yi cewa amsa-kama ba ta shiga jimla korarriya. Ki gwada kowane reshe daban.

Sai tambayarki ta biyu, wato ko sautinsu ne yake nuna ma'anarsu. Amsar ita ce e, amma ba ko'ina ba, kuma ba da ƙarfi ɗaya ba. A kalmomin da suke kwaikwayon ƙara abin a fili yake: *tim, tsundum, ƙwas-ƙwas*. Waɗannan su ne kaɗan. Mafi yawa ba ƙara suke kwaikwaya ba, tsarin aukuwar abu suke bi. Abin da ya faru sau ɗaya ya yanke yakan samu gajeriyar kalma da baƙi ya datse: *cak, wuf, caraf, farat, ɗif*. Abin da ya ɗore yakan samu wasali a buɗe da za a iya ja: *yuu, ɗuu, zururu, ratata*. Abin da yake maimaituwa yakan samu ninki: *tinƙis-tinƙis, ƙyal-ƙyal*. Wannan ma yana da sakamako a nahawu, shi ya sa "yana tafiya tinƙis-tinƙis" ta zauna daram da lokaci mai ci, amma "yana tashi farat" ba ta zauna sai an ƙara mata wani abu, kamar "kullum yana jin motsi yana tashi farat". Irin wannan alaƙa ta sauti da ma'ana ita ce mafi aminci, don ana iya gwada ta.

Wadda ta fi ruɗi ita ce ta ɗaiɗaikun sautuka. A 1929 Edward Sapir ya ba mutane kalmomin ƙirƙira biyu, *mil* da *mal*, ya ce duka sunan tebur ne, wanne ne babba? Mafi yawansu suka zaɓi *mal*. Tun daga nan ake danganta wasalin /i/ da ƙanƙanta, kuma Hausa tana da misalai masu daɗin kawowa: *mitsitsi, siriri, ɗan firit, 'yar ƙil*. To amma *shirgege* da *firɗeɗe* da *ribɗeɗe* da wane wasali suka fara? *Tim* fa, da ake faɗa wa faɗuwar abu mai nauyi? A kalmomin yau da kullum ma *girma* tana da /i/, *ƙarami* da *kaɗan* suna da /a/. A *tim* karin sauti ne yake ɗauke da nauyin, a *shirgege* kuma ƙirar kalmar ce gaba ɗaya. Idan kika tsinci misalai biyar da suka goyi bayanki kika yi shiru a kan sauran, duk mai jarrabawar da ya san aikinsa zai kawo miki biyar da suka saɓa. Hanyar da ta dace ita ce ki tara duk amsa-kamar ƙanƙanta da ta girma da kika samu, daga ƙamus irin na Bargery na 1934 da kuma bakin mutane, ki ƙirga, ki faɗi abin da ƙirgar ta nuna a matsayin rinjaye.

Akwai kuma inda alaƙar ta yanke gaba ɗaya. Fari ba shi da ƙara, ja ba shi da motsi. Mu muna jin *fat* ta yi fari ne saboda tun muna goye muke jin su tare. Ba wa wanda bai iya Hausa ba *fat, wur* da *shar*, ki ce ya raba musu launi, sai dai ya yi canke. *Tas* ma ta isa misali: fari tas, ya wanku tas, ya cinye tas, ƙwai ya fashe tas. A ta ƙarshe ce kawai za a ce akwai ƙara. Abin da sautin *fat* yake ɗauke da shi, idan akwai, shi ne yankewa da kaiwa maƙura, amma launin al'ada ce ta ba ta, kuma koyonsa ake yi kamar kowace kalma. Shi ya sa ake samun bambancin karin harshe a nan ma, wani gari *sabo dal*, wani *sabo ful*, wani *sabo gal*.

A aikace, ga yadda zan shimfiɗa kundin da a ce nawa ne. A babin tsarin sauti zan buɗe sashe a kan baƙin ƙarshe, jituwar wasula, tsarin kari da tsallen murya. A babin ƙirar kalma zan sa ninki iri biyun nan da ƙirar *shirgege*. A ginin jimla kuma kowace ta tafi gidanta, *cak* wajen bayanau, *fat* wajen yankin suna, *zirga-zirga* wajen suna, *wuf* wajen bayanin *yi*. Sannan babi guda mai kanun amsa-kama wanda zai tattaro zaren, ya kawo jadawalin kowace kalma da abokin zamanta, ya yi maganar irin su *tim* da alaƙar sauti da ma'ana. Newman kansa, da ya ce ba aji ba ce a ginin jimla, ya ware mata babi a babban nahawunsa na 2000, kuma babu saɓani a cikin haka. Da wannan tsari mai duba aikinki zai ga bayanau ɗinsa a inda ya dace, ke kuma ba ki tura *shirgege* inda ba zai shiga ba.

Wajen tattara misalai, kada ki zauna da takarda kina tambayar mutane su fassara miki jimloli daga wani harshe, don ba za su fito ba. Mutum yana ganin biro sai ya gyara zama ya koma Hausar ofis. Ki naɗi tatsuniya, da hirar mata a gidan biki, da labarin wanda ya ga haɗari ko dambe da idonsa, bayan kin nemi izininsu. Idan da hali ki ɗauki hoton bidiyo, saboda hannu yana faɗin rabin ma'anar. Ga kowace kalma ki rubuta jimlar da ta fito a ciki gaba ɗaya, da karinta, da garin mai maganar. Daga baya ki koma wa wasu masu magana biyu ko uku da gwaje-gwajen nan: a kore jimlar, a gabatar da kalmar, a sauya mata abokin zama, a gwada manna mata -n. Inda suka yi dariya ko suka ce "a'a, ba a faɗar haka", ki rubuta shi da muhimmanci daidai da inda suka amince, domin iyakar kalmar kike nema. Inda kuma suka saɓa wa juna, ki duba garuruwansu da shekarunsu kafin ki ce ɗaya ya yi kuskure.